Yadda ake karanta gas ɗin da ya taru a rilen Buchholz kafin a mayar da taransifoma kan layi

Idan ƙararrawa ta buga a ɗakin kula da tashar wuta, aka duba allo aka ga `BUCHHOLZ ALARM`, abin da ma'aikata da yawa suka saba yi shi ne su je su kwance ɗan bawul ɗin da ke saman rilen, wato na'urar kariya da ke kama gas ɗin da ya taso daga man taransifoma, gas ya huce, mai ya cika gilashi, su danna maɓallin share ƙararrawa, shi ke nan. Wannan ɗabi'a ita ce babbar asara a cikin aikin gaba ɗaya, domin gas ɗin da aka saki shi ne kaɗai shaidar da ta fito kai tsaye daga wurin da cutar take a cikin tanki, kuma da zarar ya shiga sarari babu mai iya dawo da shi. Abin da ke biye bayani ne na yadda ake kama wannan shaida, da yadda ake gane abin da take faɗa, tun daga bugun ƙararrawa har zuwa yanke shawarar ko za a kunna taransifoma ko za a bar ta a kashe.

Wurin da rilen yake da abin da ke cikinsa

Injiniyan nan Bajamushe Max Buchholz ne ya ƙirƙiro wannan na'ura a shekarar 1921, kuma har yau tsarinta bai canza sosai ba. Ana ɗaura ta a kan bututun da ya tashi daga babban tankin taransifoma zuwa ƙaramin tankin mai da ke sama, wanda ma'aikata ke kira kwanzabeta. Bututun yana ɗan hawa sama kaɗan zuwa wajen kwanzabeta, kuma a jikin rilen akwai kibiya da dole ta fuskanci can. Dalilin hawan shi ne duk kumfar da ta tashi a cikin mai za ta nemi wuri mafi tsawo, sai ta bi murfin tanki ta shiga bututu, ta zo ta maƙale a rufin rilen. Taransifomar da aka rufe ruf ba tare da kwanzabeta ba, irin wasu ƙananan da ake kafawa a unguwanni, ba ta da wannan rile.

A cikin akwatin, wanda a kullum yake cike da mai, akwai ƙwallo biyu masu yawo a kan mai. Idan gas ya taru a sama, sai ya tura mai ƙasa, ƙwallon sama ya sauka ya haɗa makunnin ƙararrawa. A yawancin rile wannan yana faruwa ne idan gas ya kai santimita kubik 100 zuwa 300, gwargwadon girman bututu, wato kwatankwacin cikin kofin shayi. Ƙwallon ƙasa kuwa yana jiran ranar da mai ya zube har ya sauka ƙasa da bututu, shi kuma bireka yake faɗarwa. Tare da shi akwai wani faifai da ke tsaye a kan hanyar mai, wanda ba ruwansa da taruwar gas, gudun mai yake ji. Idan wuta ta yi tartsatsi mai ƙarfi a cikin tanki, gas yana ɓullowa a lokaci guda ya ingiza mai da ƙarfi zuwa kwanzabeta, kuma idan gudun ya wuce abin da aka saita, wanda galibi yake wajen mita ɗaya a daƙiƙa, faifan yana kifewa ya faɗar da bireka nan take.

Saboda haka rilen yana magana da murya biyu. Ƙararrawa tana cewa wani abu yana tara gas a hankali, ko kuma mai yana raguwa. Faɗuwar bireka tana cewa ko dai an yi babban tartsatsi ko mai ya zube. Idan allo ya nuna `BUCHHOLZ TRIP`, ba a sake kunna taransifoma don a gwada sa'a, ko da kuwa waya tana ta bugawa ana tambayar yaushe wuta za ta dawo.

Mataki na farko: rubuta, sannan a kashe

Kafin a taɓa komai, a rubuta lokacin da ƙararrawa ta buga, da nauyin da taransifoma ke ɗauke da shi, da zafin mai da zafin naɗin waya kamar yadda agogunansu suka nuna, da matsayin mai a agogon kwanzabeta. A duba ko wani rile ya motsa tare da shi, a kuma tuna ko wani layi ya yi gajeren haɗi a sa'o'in da suka wuce. A buɗe littafin tasha a ga ko an ƙara mai, ko an tace shi, ko an canza radiyeta ko famfon mai a 'yan kwanakin nan. Waɗannan bayanai su kaɗai sukan warware rabin tambayar.

Daga nan a mayar da nauyin kan wata taransifoma idan akwai, a kashe wannan ta ɓangarorin biyu, a raba ta da layi, a sa wayoyin ƙasa, a karɓi takardar izinin aiki. Wasu taransifomomi suna da ɗan akwatin ɗibar gas a ƙasa, daidai tsayin mutum, wanda siririn bututun tagulla ya haɗa shi da rilen, kuma an yi shi ne don a ɗebi gas ba tare da hawa ba. Duk da haka, ra'ayina shi ne taransifomar da ta fara tara gas ba wurin tsayawa kusa ba ce alhali tana da wuta, domin ba a san ko cutar da ta buga ƙararrawa yanzu ita ce za ta fasa tanki bayan minti goma ba. Inda babu wannan akwati kuwa babu ma zance, rilen yana sama kusa da bushin, wato ƙahonnin da wayoyin wuta ke shiga tanki ta cikinsu, kuma ba a hawa sai an tabbatar da babu wuta.

Mataki na biyu: shin gas ne ya taru ko mai ne ya ragu?

Ƙwallon sama ba ya bambance tsakanin gas da ya turo mai ƙasa da mai da ya janye da kansa, don haka wannan tambaya ce ta farko da za a amsa. A nan Arewa abin ya fi faruwa a lokacin hunturu, da asuba, sa'ad da sanyi ya sauka kuma nauyi ya ragu, ko aka daɗe ba wuta a layi. Mai yana tsukewa idan ya huce, kuma taransifomar da dama man da ke cikinta ya yi ƙasa saboda yoyon da aka ƙyale sai kwanzabetarta ta bushe, mai ya sauka har cikin rilen. Alamar ita ce agogon kwanzabeta yana ƙasa, ana ganin danshin mai a gindin radiyeta ko a kan tsakuwa, kuma idan aka buɗe ɗan bawul ɗin sama ba abin da ke fitowa da ƙarfi, tunda babu nauyin mai a bisa da zai turo shi. A yi hattara da agogon kansa, domin yakan maƙale ya riƙa nuna rabi alhali tankin wayam yake.

Idan kwanzabeta tana da mai isasshe kuma gilashin rilen ya nuna fili a sama, to gas ne. A karanta yawansa a kan ma'aunin da aka zana a gilashin, a rubuta, a ɗauki hoto da waya. A dubi launinsa nan take, saboda launin yana gushewa bayan ɗan lokaci idan hayaƙin ya kwanta. Tsofaffin ma'aikata suna da ƙa'idarsu a kan wannan: gas marar launi marar wari yawanci iska ce kawai, fari ko mai kama da madara yana nuna takardar da aka naɗe waya da ita tana ƙonewa, mai ruwan ɗorawa yana nuna katako, mai toka-toka ko baƙi kuwa man ne da kansa ya tarwatse. Wannan ƙa'ida tana ba da hasashen farko, amma ba a yanke hukunci da ita, domin gas mafi haɗari ma yana iya zama garau kamar iska.

Mataki na uku: ɗibar gas, kuma da hanzari

Gas ɗin da ke zaune a rile yana kan mai ne, kuma mai yana shanye shi sannu a hankali. Matsalar ita ce ba ya shanye kowane iri daidai wa daida. Asitilin, wanda shi ne babban mai ba da labarin tartsatsi, yana narkewa a mai fiye da haidirojin sau ashirin da wani abu, saboda haka gas ɗin da aka bari ya kwana biyu a rile zai nuna hoton da ya fi na gaskiya sauƙi. A ɗebe shi a cikin sa'o'in farko.

Kayan aikin su ne sirinjin gilashi mai riƙe gas, mai cin mililita 20 zuwa 50, da ɗan bawul mai hanya uku a bakinsa, da guntun tiyo mai tsabta da ya yi daidai da bakin bawul ɗin rile. Ba a amfani da sirinjin roba na asibiti ko balan-balan ko leda, domin haidirojin yana ratsa su ya gudu. A haɗa tiyo, a buɗe bawul ɗin rile kaɗan, a bar ɗan gas ya kore iskar da ke cikin tiyon ta hanya ta uku, sannan a juya bawul zuwa sirinji. Nauyin man da ke kwanzabeta shi zai tura sandar sirinjin baya da kansa, kuma kada a ja ta da hannu, saboda ja yana tsotso iskar waje ta kowace ƙaramar kafa ya gurɓata samfurin. A rufe kafin mai ya biyo, a cika sirinji na biyu idan gas ya rage, a manna takarda mai ɗauke da lambar taransifoma da kwanan wata da lokaci.

A wannan zuwan kuma a ɗebi samfurin mai daga bawul ɗin ƙasan babban tanki, bayan an zubar da na farko da ya daɗe a bakin bututu, a cika sirinji ko kwalbar gilashi ba tare da kumfa ba. Samfurin gas shi kaɗai rabin labari ne, kamar yadda za a gani nan gaba. A ɓoye su daga rana, a kai ɗakin gwaje-gwaje cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Akwai tsohon gwajin nan na kunna ashana a ga ko gas zai kama. Idan ya zama dole a yi shi, a yi da ɗan abin da aka ɗebo a sirinji dabam, nesa da taransifoma, kada a taɓa kai wuta bakin bawul ɗin rile. Idan ya kama, an tabbatar akwai cuta a ciki. Idan bai kama ba, ba a tabbatar da komai ba, domin gas ɗin cuta da ya gauraya da iska mai yawa yana iya ƙin kamawa, kuma harshen wutar haidirojin da kyar ake ganinsa da rana tsaka.

Abin da kowane gas yake nunawa

Mai da takarda suna tarwatsewa ne gwargwadon zafin da ya same su, kuma kowane mataki na zafi yana da gas ɗin da ya fi haifarwa. Idan sakamako ya nuna kusan naitirojin da iskar oksijin ne kawai, to iska ce ta maƙale, kuma wannan ya zama ruwan dare a kwanakin da suka biyo bayan ƙara mai ko tace shi, ko inda famfon mai ke tsotsar iska ta gasket da ya saki. Haidirojin, wato H₂, mai yawa tare da ɗan methane, wato CH₄, yana nuna ƙananan tartsatsi marasa ƙarfi a cikin kumfa ko takarda mai danshi. CH₄ da ethane, wato C₂H₆, su ne na zafi mai sauƙi, ƙasa da digiri 300, kuma yayin da zafin ke hawa sai ethylene, wato C₂H₄, ya rinjaye su, har idan ya wuce digiri 700 ya zama shi ne kan gaba. Irin wannan zafi yakan fito ne daga mahaɗar waya da ta saki ko wutar da ke zagaye a ƙarfen tsakiya ta hanyar da ba tata ba.

Asitilin, C₂H₂, shi ne gas ɗin da masu walda ke samu daga kabait, kuma a cikin taransifoma ba ya samuwa da yawa sai inda wuta ta yi tsalle ta cikin mai. Ganinsa a rile tare da haidirojin mai yawa ya isa a bar taransifoma a kashe. CO da CO₂ kuwa, wato kabon monoksayid da kabon dayoksayid, daga takarda suke fitowa, kuma su ne suka fi tayar da hankali ta fuskar gyara, saboda ana iya tace mai ko a canza shi, amma takardar da ta ƙone a kan naɗin waya ba ta komawa. Ƙa'idar IEC 60599, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan fassara gas ɗin man taransifoma, ta nuna cewa idan aka raba CO₂ da CO aka samu ƙasa da 3, akwai alamar cutar ta taɓa takarda.

Akwai tarko guda a nan. Na'urar canza taf da ke aiki alhali akwai nauyi, wato wadda ke daidaita ƙarfin wutar da taransifoma ke fitarwa, tana yin tartsatsi a cikin nata man a matsayin aikinta na yau da kullum, shi ya sa aka ware mata ɗaki dabam da rilen gudun mai nata. Idan shingen da ke tsakani ya yi yoyo, ko suna tarayya a kwanzabeta ɗaya, asitilin ɗinta yana iya shiga man babban tanki ya sa a zargi naɗin waya da laifin da ba nasa ba. Alamar ita ce asitilin a cikin mai ya ninka haidirojin sau biyu ko uku.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki taransifoma mai ƙarfin MVA 15 da ke sauke wuta daga kilobolt 33 zuwa 11, irin wadda ake samu a tashoshin rarraba wuta na garuruwanmu, da alkaluman da aka tsara don nuna yadda lissafin yake. Da yamma wani layin kilobolt 11 ya yi gajeren haɗi kusa da tasha, birekarsa ta faɗi, aka mayar, bayan sa'a biyu ƙararrawar Buchholz ta buga. Kwanzabeta tana da mai, ba a taɓa man ba tun bara, gilashi ya nuna gas santimita kubik 250 mai ɗan duhu. An kashe, an ɗebi gas da mai.

Ɗakin gwaji ya ce a cikin gas ɗin haidirojin ya kai kashi 20 cikin ɗari, wato ppm 200,000 a ma'aunin kashi cikin miliyan, asitilin kuma kashi 1 cikin ɗari, wato ppm 10,000. A cikin mai kuwa an samu H₂ 400, CH₄ 120, C₂H₆ 20, C₂H₄ 110, C₂H₂ 90, CO 600, CO₂ 1,500, duka a ma'aunin ppm.

Tambayar farko ita ce ko gas ɗin ya taru ne a hankali daga man da ya ƙoshi da shi, ko kuwa ya ɓullo ne a lokaci guda. Ana amsa ta da alkaluman narkewa na Ostwald, waɗanda ke nuna nawa ne na kowane gas zai kasance a cikin mai idan mai da gas sun daɗe tare har sun daidaita. A zafin digiri 20, na haidirojin 0.05 ne, na asitilin kuma 1.20.

```
H2:    200000 × 0.05 = 10000
C2H2:   10000 × 1.20 = 12000
```

Da a ce gas ɗin daga man ya fito sannu a hankali, da an samu haidirojin wajen 10,000 a cikin mai, amma 400 aka samu, wato na rile ya ninka sau 25. Na asitilin ya fi haka nisa, 12,000 a gefen 90. Ma'anar wannan ita ce kumfar ta taso da sauri daga wurin cutar ta isa rile kafin mai ya samu damar shanye ta, don haka cutar sabuwa ce kuma mai ƙarfi. A nan ne amfanin samfuri biyu yake fitowa fili, domin wanda ya dubi sakamakon mai kaɗai zai ga alkaluma da ba su kai girman abin da ya faru ba, tunda gas ɗin da ya narke ya bazu a cikin dubban litoci. Da alkaluman biyu sun zo kusa da juna, da sai a ce cuta ce mai tafiyar hawainiya wadda ake iya bibiya da gwaji a kai a kai.

Tambaya ta biyu ita ce wace irin cuta ce, kuma ana duba rabo uku daga sakamakon mai.

```
C2H2/C2H4 =  90/110 = 0.82
CH4/H2    = 120/400 = 0.30
C2H4/C2H6 = 110/20  = 5.5
```

A jadawalin IEC 60599, rabon farko tsakanin 0.6 da 2.5, na biyu tsakanin 0.1 da 1, na uku sama da 2, shi ne ajin `D2`, wato tartsatsi mai ƙarfi. CO₂ a kan CO kuma ya ba da 2.5, ƙasa da 3, saboda haka akwai zargin takarda ta ƙone. Idan akwai sakamakon gwajin bara a fayil, a cire tsofaffin alkaluman daga sababbi a sake lissafin da abin da ya ƙaru, domin CO₂ yana taruwa shekara da shekaru daga tsufan takarda na yau da kullum, kuma yakan rufe sabuwar ƙuna.

Gas ya faɗi irin cutar da ƙarfinta, amma bai faɗi wurin da take ba, wannan aikin gwaje-gwajen lantarki ne. Sai a auna juriyar naɗin waya na kowane fes, wato kowane ɗaya daga layukan wuta uku, a kowane taf, a auna rabon naɗi, a gwada ƙarfin rufin waya da na'urar da ake kira mega. A misalinmu, idan juriyar fes ɗaya a ɓangaren kilobolt 11 ta fi ta sauran biyun da kashi 6 cikin ɗari, alhali bambancin da aka saba gani bai wuce kashi 2 ba, to zargi ya koma kan mahaɗar da girgizar gajeren haɗin nan ta sassauta har ta fara tartsatsi. Wannan taransifoma sai an rage mai an buɗe an duba da ido.

Idan iska ce kawai

Idan sakamako ya dawo da iska zalla, gas ɗin da ke cikin mai bai ƙaru a kan na baya ba, kuma gwaje-gwajen lantarki sun fito lafiya, sai a nemo ta inda iskar ta shiga kafin a kunna. A fitar da iska daga kowane wurin da aka tanada, a fara daga ƙasa zuwa sama: kawunan radiyeta, gindin bushin, sannan rilen a ƙarshe, har sai mai ya fito ba kumfa. A tabbatar bawul ɗin da ke tsakanin rile da kwanzabeta a buɗe yake sosai, domin an sha manta shi a rufe bayan gyara. A danna maɓallin gwaji na jikin rilen a ga ƙararrawa ta buga a ɗakin kula, a ƙara dannawa a ga umarnin faɗar da bireka ya isa, a kuma leƙa akwatin wayoyinsa, saboda ruwan damina da ya shiga nan yana buga ƙararrawar ƙarya alhali gilashi cike yake da mai.

A kunna taransifoma ba tare da nauyi ba na wasu sa'o'i, ana duba gilashin, sannan a ɗora nauyi kaɗan kaɗan. A riƙa rubuta abin da ma'aunin gilashi ya nuna a kowane canjin aiki, a sake ɗibar mai bayan mako guda. Iskar da ta maƙale tana raguwa daga rana zuwa rana har ta ƙare, don haka idan aka ga gas yana dawowa da yawa iri ɗaya, ko yana ƙaruwa duk lokacin da nauyi ya hau, a sake kashewa a ɗebi sabon samfuri a sirinji.